Nasiha ga masu rubuta babin tattaunawa: ku daina maimaita jadawali

'Yan'uwana ɗalibai, musamman ƙannena masu rubuta kundin kammala karatu, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk sanda na duba aikinku. Mutum ya yi wata da watanni yana aune-aune, ya kawo sakamako mai kyau, amma da ya zo babin tattaunawa sai ya sake zubo lambobin nan cikin jimloli. Mai karatu ya riga ya ga lambobin a babin baya. Abin da yake jira shi ne ku gaya masa me suke nufi idan aka ɗora su a kan ƙa'idar da masana suka yarda da ita.

Ga misali. A ce ɗalibi ya rataya dalma a igiya mai tsawon mita 1, ya auna lokacin da take ɗauka ta je ta dawo. Da ya sake ta daga kusurwar digiri 5 ya samu sakan 2.01, a digiri 30 ya samu 2.04, a digiri 60 kuma 2.14. Sai ya rubuta: "Lokacin ya ƙaru daga 2.01 zuwa 2.14. Wannan ya nuna kusurwa tana shafar lokacin lilo. Bambancin ya faru ne saboda kuskuren ɗan Adam." Ku rufe wannan sakin layi da hannu, ku dubi jadawalin kawai. Me kuka rasa? Babu. Da haka ake gane tattaunawar da ba ta tattauna komai ba.

Gyaran yana farawa da tambaya ɗaya: kafin a yi awon, me ƙa'ida ta ce za a gani? Lissafin da ake koyarwa shi ne T = 2π√(L/g), inda T yake nufin lokacin zuwa da dawowa, L tsawon igiya, g kuma ƙarfin jan ƙasa. Idan L mita 1 ne, g kuma 9.81, T zai zama sakan 2.01. Ku lura, babu kusurwa ko ɗaya a cikinsa, wato hasashensa shi ne lokacin ba zai canza ba. To awon farko ya dace da shi, na ƙarshe kuwa ya kauce da sakan 0.13.

Kada ku yi saurin jingina wannan ga kuskuren ɗan Adam, don Allah. Ku auna kuskuren ku gani. Idan lilo 20 aka ƙirga, kuma jinkirin yatsa a kan agogo bai wuce sakan 0.2 ba, kuskuren kowane lilo kusan 0.01 ne. Tazarar da aka samu ta ninka wannan sau goma sha uku, kuma tana hawa ne daidai da hawan kusurwa. Kuskuren yatsa kan faɗa sama ya faɗa ƙasa, ba ya bin tsari irin wannan.

Sai ku koma ga sharaɗin da aka gina ƙa'idar a kansa, nan ne zuciyar aikin. An samo lissafin ne bisa ɗaukar sin θ daidai da θ, wato kusurwar a ma'aunin radiyan, abin da ke tafiya kawai idan kusurwar ƙarama ce. A digiri 60, θ ya kai radiyan 1.05, amma sin θ 0.87 ne kacal. Ƙarfin da ke dawo da dalmar tsakiya bai kai yadda lissafin ya ɗauka ba, shi ya sa take daɗewa a hanya. Tun 1673 masanin kimiyya Huygens ya wallafa aikinsa a kan wannan matsala ta lilo mai faɗi. Cikakken lissafi yana ba da ƙarin kusan kashi 7 cikin 100 a digiri 60, wato sakan 2.15.

Yanzu ɗalibin zai iya rubuta: "A ƙaramar kusurwa sakamakon ya dace da hasashen sakan 2.01. A digiri 60 ya zarce shi da 0.13, fiye da kuskuren awo nesa ba kusa ba, domin an fita daga sharaɗin ƙaramar kusurwa. Cikakken lissafi ya yi hasashen 2.15, an auna 2.14. Wataƙila iska ta rage faɗin lilon a tsawon zagaye 20, sai dai wannan 'yar tazara tana cikin iyakar kuskure."

Ku dubi jimlar ƙarshen nan da kyau. Ya ce "wataƙila" saboda bai auna raguwar faɗin ba, bai kuma yi iƙirarin ya rushe ƙa'ida ba, iyakarta ya nuna. Lambobin ma ba a kore su ba, an kawo guda shida ne kawai, kowace da aikin da take yi a hujjar. Ku ɗauki daftarinku yau, a gefen kowane sakin layi ku rubuta hasashen da kuke gwada shi da shi. Wanda kuka rasa abin rubutawa a gefensa, ku mayar da shi babin sakamako, ku sake rubuta wani a gurbinsa.