Kano zuwa Abuja: ku daina lissafa min awa guda

Tun jiya a fada wani yaro yake ta faɗa min wai ɓata lokaci ne mutum ya hau mota daga Kano zuwa Abuja, tunda jirgin sama awa guda ne kuma akwai tikiti mai araha. Raina ya ɓaci, don da wannan maganar ake yaudarar ƴan kasuwarmu na Maraɗi, ni ma da ita aka ci ni.

Tafiya daga ƙofar masauki take farawa, a ƙofar wanda za ka gani take ƙarewa. Haka ake lissafi.

Bara na bar masaukina a Fagge ƙarfe 8 na safe, jirgi zai tashi 11. A wajen awo aka ce tikitina kilo 20 ya ɗauka, jakata ta samfurin atamfa kuwa kilo 35. Na biya kuɗin kilo 15 a tsaye, arahar ta tafi nan take. Sai sanarwa: an ɗaga tashi. Muka zauna har 2 na rana, ruwan gora kawai a hannuna. Mun sauka 3, ga jiran kaya, ga filin jirgin Abuja wajen kilomita 40 daga gari, ga kuɗin tasi. Ƙarfe 5 na shiga Wuse. Awa 9 cif! Abokin tafiyata da ya hau mota a Unguwa Uku 7 na safe, ya bi ta Zariya da Kaduna, na tarar har ya yi la'asar ya ci abinci, kayansa duka a but.

Za ku ce jirgin ƙasa fa? Ina son sa, akwai sanyi, akwai wurin miƙe ƙafa. Amma layin da aka buɗe a 2016 daga Rigasa ta Kaduna yake tashi, kilomita 186 zuwa tashar Idu ta Abuja. Sai ka fara cin titin Kano zuwa Kaduna a mota, ka ratsa gari har Rigasa, kuma in ka makara minti biyar ya wuce ka. Rabin tafiyar kawai ya ɗauke maka.

Masu cewa hanya babu tsaro, na ji ku, ban musa ba. Shi ya sa nake fita da sassafe, ba na yarda dare ya same ni tsakanin Kaduna da Abuja. Kuma ku tuna jirgin ƙasan ma an kai masa hari a watan Maris 2022. Wanda jakar hannu kawai ya riƙe, ya hau sama abinsa. Mai kaya dai ya yi lissafi daga ƙofa zuwa ƙofa.

Ni yanzu layin dogon Kano zuwa Maraɗi nake wa addu'a, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Allah ya nuna mana ranar da za mu loda buhun niyebe a nan, mu wuce Ɗan Isa da Jibiya ba tare da an sauke mana kaya a kowane shinge ba.