Kujera ce ta ba ka umarni, ba takardar haihuwa ba

Tun shekaranjiya nake karanta jajen da ake ta yi wa mutumin nan mai kula da sito, wanda aka ba takardar tuhuma bayan kaya ya ƙare a siton a ƙarƙashin sabon manajansa matashi, kuma wallahi na gaji. "Yaro ƙarami ya ci mutuncin dattijo." "Zamani ya lalace." "Sa'an ɗansa ne fa!" To madalla. Tunda kowa ya gama kukansa, ni ga nawa ra'ayin, wanda zai ji haushi ya ji: babu wanda ya ci mutuncin Malam. Shi ya haƙa ramin da hannunsa, kuma yaron yake so ya faɗa ciki.

Kun san labarin, amma da yawanku kun tsallake wurin da ya fi muhimmanci, wato lissafin. Manajan nan, mai shekara 29, ya zo ya tarar ana sake odar wani kaya da zarar abin da ke sito ya sauko zuwa katan 220. Ya duba takardu ya ga ana fitar da katan 10 a rana, mai kawo kayan kuma kwana 10 yake ɗauka. Sai ya ce don me za a daskarar da kuɗin kamfani a kan kayan da ke jibge a sito, a mayar da iyakar oda katan 120. Kwana 10 sau katan 10 ya ba da 100, ga rarar 20 a sama. A takarda babu aibu a wannan lissafi, kuma duk wanda ya karanci harkar kaya haka zai yi.

Abin da takarda ba ta nuna masa ba, Malam ya sani. Ya san cewa a ƙarshen shekara mai kawo kayan nan ba ya cika alkawarin kwana 10, sati uku yake yi. Kwana 21 kenan, katan 210. Shi ya sa tun asali aka sa 220. Da 120 kuwa, kaya zai ƙare a rana ta 12, a zauna kwana 9 ana ba masu saye haƙuri. Malam ya fi shekara ashirin yana ganin wannan abu. Da aka faɗi sabon tsarin a taron safe, me ya ce? Ya gyara zama, ya yi murmushi, ya ce: "Yadda ka ce haka za a yi, ranka ya daɗe." Duk wanda ke wurin ya ji yadda aka ja wannan "ranka ya daɗe" ɗin. Da aka fito ya ce wa direbobi su zuba ido, yaro zai sha mamaki.

Kaya ya ƙare, kamar yadda ya hango. Sai dai da aka zo bincike ba a tambayi wa ya fi shekaru ba. An tambayi wa ke riƙe da katin kaya, wato takardar da ake rubuta shige da ficen kaya, wa ya san tarihin mai kawowa, kuma ya faɗa ko bai faɗa ba. Manajan ma an tuhume shi, ku daina ɓoye wannan, domin ya canja tsari bai tambayi dalilin tsohon ba. Amma shi laifinsa rashin sani ne da gaggawa. Na Malam sani ne da shiru. A wurin kowane mai kamfani na biyun ya fi muni, domin albashin da ake biyan tsohon ma'aikaci rabinsa kuɗin abin da ya sani ne.

Ni ma wadda nake kai wa rahoto a wurin aiki, ranar da na fara karɓar albashi tana firamare. Don haka kada wani ya ce mini ban san zafin ba. Na sani. Akwai wani abu da ke tsaya wa mutum a maƙogwaro idan wanda ka girma da shekara ashirin ya ce maka "ka gyara wannan ka dawo da shi kafin a tashi." Ba ƙarya ba ne, kuma ba na raina wanda ya ji shi. Wani lokacin ma zafin ba na yaron ba ne, na kujerar ne da ka sa rai kai za a ba, aka tsallake ka. Ka kwana kana lissafin shekarunka, ka tashi ka tarar da wani a kai. Wannan ciwo ne na gaske. Amma yaron bai naɗa kansa ba. Masu kamfani ne suka ɗora shi, idan kana da magana can za ka kai ta. Shi kuwa umarnin da yake ba ka daga kujerar yake fitowa, kuma ranar da ka sa hannu a takardar ɗaukar aiki kujera ka yarda za ka bi, ba furfura ba.

Ga gwajin da nake yi wa kaina duk lokacin da raina ya fara ɓaci. In ɗauki umarnin nan, kalma da kalma, in sa shi a bakin wani mai shekara sittin. Idan na ji zan karɓa ba tare da komai ba, to matsalar tawa ce, in haɗiye in yi aikina. Idan kuwa ko daga bakin dattijo zan ƙi, kamar a ce in sa hannu a kan adadin da ban ƙirga ba, ko a zage ni a gaban mutane, to wannan ba maganar shekaru ba ce, in ƙi, in kai ƙara inda ya dace. Ku gwada. Za ku yi mamakin yawan abin da kuke kira raini alhali aiki ne kawai aka ce ku yi.

Na san me za a rubuto mini. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Na yarda ɗari bisa ɗari, shi ya sa ma nake jin haushi. Ka hango, sai ka yi me? Ka naɗe hannu kana jiran a faɗi don ka ce ai dama na sani? Hangen da ba a faɗa ba wa ya amfana? Wani kuma zai ce ai yaran nan ba sa jin shawara. Ka ba shi ya ƙi? A'a, ka dai yanke masa hukunci tun kafin ka buɗe baki. Masu cewa digiri ba gogewa ba ne kuwa, ba wanda ya yi musu da ku, ku wuce.

Abin da ya kamata Malam ya yi bai kai minti goma ba. Kada ya yi gardama a taron, domin sabon manaja da aka ƙalubalanta a gaban ma'aikata kare kansa zai yi, ko da ya gane gaskiya ce. Ya bari a watse, ya same shi shi kaɗai da katin kaya na shekara biyu ko uku a hannu. Ya ce: "Manaja, lissafinka daidai ne a sauran watanni, amma duba nan, duba nan, duk ƙarshen shekara sati uku suke yi. Ina ganin a bar 120 ɗin, amma daga watan goma a mayar da shi 220." Ka ga bai rushe masa tsari ba, ya ba shi hanyar gyara ba tare da ya ji kunya ba. Idan ya karɓa, shi kenan. Idan ya ƙi, Malam ya tura masa gajeren saƙo a rubuce, layi uku: ga abin da muka tattauna, ga abin da nake tsoro, zan bi tsarin da ka yanke. Sannan ya bi ɗin da gaske, ba bin ganin dama ba. Ranar da kaya ya ƙare wannan saƙon ne zai tsaya masa, kuma daga ranar yaron ba zai sake taɓa wani adadi a siton ba sai ya ce "Malam, me ka gani?" Girman da ake ta kuka a kai ta nan yake zuwa.

Kuma ku daina ganin kamar ba a gane ku. Ana gane ku sarai. Aikin awa ɗaya ya kwana uku a teburinka. A tambaye ka abu ka amsa rabi. Ka tsallake manajanka ka je wurin babban oga saboda "mun daɗe tare." Ka riƙa cewa "yaron nan" a gaban ƙananan ma'aikata, su kuma su koya daga gare ka cewa ana iya raina na gaba. Gobe kai za su gwada wa, kada ka yi mamaki. Babban ogan ma da kake kai wa ƙorafi, shi ya zaɓi yaron. Duk sukar da ka yi, zaɓinsa kake suka, yana dariya da kai ne kawai yana ajiyewa a ransa.

Masu kawo mini addini a wannan magana su tuna da Usama bin Zaid. A ƙarshen rayuwar Manzon Allah (SAW), shekara ta 11 bayan hijira, aka ba shi jagorancin runduna yana matashi ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka, a cikinta akwai manyan sahabbai har da Sayyidina Umar. An yi surutu a kan naɗin, ba a canja ba. Da Sayyidina Abubakar ya zama halifa ya tura rundunar, ya raka su yana tafiya a ƙasa Usama na kan abin hawa, kuma da ya buƙaci Umar ya zauna tare da shi a Madina, izinin Usama ya nema. Halifa guda, yana neman izinin matashi, domin Umar sojansa ne. Mu kuma a ce mu cike fom ɗin hutu mu kai wa mai shekara 29, sai mu kwana ba barci. Girman kai rawanin tsiya.

Ba ina cewa ka zama ɗan amshin shata ba, kuma ba dole ne ka so shi ba. Ka gaishe shi yadda ake gaida manaja, shi ma idan yana da tarbiyya zai gaishe ka yadda ake gaida babba, biyun ba sa karo. Amma ka faɗi abin da ka sani, a lokacin da zai yi amfani, ga wanda ke kan kujerar, ko da ranar sunansa kana wurin.

Ku kuma matasan manajoji, tunda na ga kuna ta danna mini alamar yabo, kada ku ɗauka na gama da ku. Wa ya koya muku tura saƙon murya na minti bakwai ƙarfe goma sha ɗaya na dare? Mutum ya saurara tun daga "ina fatan kana lafiya" har zuwa tarin da kuka yi a tsakiya, ga ƙarar mota, ga wani yana kiranku a gefe, sai a minti na shida a gane ashe fayil ɗaya kawai ake nema. Washegari kuma a ce ai na faɗa maka a saƙo. A wane minti? Ku rubuta, don Allah. Kun fi mu saurin danna waya, ku rubuta.