Na goge manhajar, amma lambobin mutanena suna hannunsu

Wallahi abin nan ya ƙona mini rai. Bara na sauke wata manhajar zumunta, ta nemi izinin duba lambobin wayata, wai za ta nemo mini abokai. Na danna "Allow" ban ko tsaya tunani ba. Kafin ƙiftawa da bismilla lambobi 640 sun koma rumbun kamfanin, har da ta likitana da ta surukata, mutanen da ba wanda ya nemi yardarsu.

Da na farga, na shiga saitin waya na janye izinin, na goge manhajar, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ko kusa! Janye izini yana hana ta sake karanta wayar ne kawai, abin da ta riga ta kwasa yana nan a wurinsu. Yadda na gane shi ne, bayan wata biyar na shiga asusun ta kwamfuta, sai ga shi tana nuna mini mutumin da rabona da shi shekara bakwai, wai ƙila na san shi. Ba mu da aboki ko ɗaya tare, lambarsa ce kawai a tsohuwar wayata.

Ɗorawa danna ɗaya ce, gogewa kuwa sai da na sake sauke manhajar, na tono maɓallin can ƙarƙashin saitin sirri. Na goge lambobin, washegari duk suka dawo, saboda ban kashe "Sync contacts" ba, wato saitin da ke ci gaba da ɗora lambobin waya, kuma ba inda aka faɗa mini. Sai ka fara kashe shi, a kowace waya da asusun yake buɗe, har da tsohuwar da ka ajiye a aljihun tebur, sannan ka goge jerin. In ka juya tsarin, aikin banza ka yi. Haba! Me zai hana su rubuta wannan jimla ɗaya a gefen maɓallin?

Kada kuma haushi ya sa ka afka wa asusun da wayarka take ajiye lambobi a ciki, don shi lamarinsa daban ne. Can abin da ka goge a yanar gizo zai ɓace a wayar ma, tunda jeri ɗaya ne. Ka fara danna "Export" ka adana kwafin lambobinka a fayil ɗin .vcf tukuna. Mai asusun Google in ya yi kuskure, lambobin suna zama a "Trash" kwana 30 kafin su tafi gaba ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai, na share nawa jerin, amma lambata tana cikin wayoyin ɗaruruwan mutane, kuma duk wanda ya danna "Allow" a cikinsu ya miƙa ta, da sunan da ya ga damar sa mini. Na rubuta wa kamfanin su cire ta, yau kwana 19, amsar da na samu ita ce an karɓi saƙona.