Shekarun reno a takardar neman aiki

'Yan uwa mata masu shirin komawa aiki bayan an yaye auta, shekarun nan da kika yi a gida ki rubuta su a takardar tarihin aikinki, da shekara da komai. Masu tace takardu ba sa tsayawa tambaya. Da sun ga aiki ya tsaya a 2016, babu komai har 2022, sai su cike giɓin da zato: ko korarta aka yi, ko rashin lafiya. Layi ɗaya ya wadatar: "2016 zuwa 2022, renon yara." Ko LinkedIn tun 2022 ta ware gurbin Career break don irin wannan.

Inda nake saɓawa da masu ba da shawara shi ne batun ƙawata layin. Sai ka ga an rubuta "manajar gida" ko "ƙwararriya wajen haƙuri da tsara lokaci". Wallahi wanda ke gefen tebur murmushi kawai zai yi, don matarsa ma haka take, kuma babu yadda zai auna haƙurinki. Abin da ke zama gogewa a idonsa shi ne abin da ke da adadi, kuma akwai wanda zai iya kira ya shaida.

Mu ɗauki mai difiloma a akanta da ta yi shekara shida a gida. In ka tambaye ta me ta yi, cewa za ta yi "ba komai, ina zaune ne". Amma ka bi a hankali. Ita ce uwar adashen mata ashirin, kowacce na zuba dubu goma a wata. Kwasa ɗaya dubu ɗari biyu ke nan, a shekara naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu na bi ta hannunta. Tana da littafin da take rubuta wadda ta zuba da wadda ta makara, ta san yadda ake bin wadda ta kwasa ta fara noƙewa ba tare da zumunci ya ɓaci ba. Wannan bin bashi ne da daidaita lissafi, aikin da ake biyan albashi a kansa. Kuma ita ce ma'ajin ƙungiyar iyaye a Islamiyyar yaranta, tana karɓar kuɗi da rasit, tana karanta rahoto a taron ƙarshen zango. To a ƙarƙashin layin reno sai ta sa waɗannan biyun da adadinsu, ta nemi shugaban makarantar ya yarda a sa shi cikin masu shaida. Littafin adashen ma ta riƙe shi a jaka ranar intabiyu, in an nema ta buɗe, ta rufe sunayen mutane.

Sai dai adashe ba ya goge cewa aiki ya yi gaba bayanki. Lokacin da mai difilomar nan ta bar ofis harajin VAT kashi 5 ne cikin ɗari, tun Fabrairun 2020 ya koma 7.5. In aka ba ta lissafin gwaji ta buga da 5, duk labarin gogewar ya rushe nan take, don ta tabbatar musu da abin da suke tsoro. Saboda haka kafin ta tura takarda ko ɗaya, ta ware makonni ta zauna da tsohuwar abokiyar aiki ta ji me ya canza, ta buɗe Excel ta mayar da littafin adashen cikinsa har hannu ya saki. Malama kuma ta duba rajistarta a hukumar rajistar malamai ta TRCN, ma'aikaciyar jinya ta sabunta lasisinta.

Ranar intabiyu za a tambaye ki, ko kai tsaye ko ta bayan gida: "Hajiya, to yaran fa?" Ni dai tambayar ba ta yi mini daɗi, don ba a yi wa maza ita, amma amsar na bukatar shiri. Kada ki fara da ban haƙuri, kada kuma ki kwashe minti biyar kina labarin laulayi. Ki ce kin tsaya reno daga shekara kaza zuwa kaza, ga abin da kika riƙe a lokacin, yanzu yara suna makaranta kuma akwai mai ɗauko su. Ki yi shiru daga nan, su kawo tambaya ta gaba.

Maganar albashi ce mai ɗaci. Waɗanda kuka fara tare sun hau matakai biyu ko uku, kuma da wuya a ɗora ki inda suke. Idan an ba ki matakin da kika bari, ina ganin ki karɓa, amma ki nemi a rubuta a takardar ɗauka cewa za a sake duba matsayinki bayan wata shida. Idan kuwa aka ce ki koma matakin wadda ta gama bautar ƙasa jiya, ki nuna musu shekarun da kika yi a ofis kafin haihuwa, ki ce a lissafa su.