Fanka Ta Duba Min Babi Na Biyu

Wata uku na yi ina haɗa babi na biyu na kundina, babin bitar ayyukan da suka gabata. Bincikena a kan fataucin goro ne tsakanin Hausawan Agege. Shafi 22 cif, kowane marubuci na ba shi shafinsa shi kaɗai kamar ɗakin haya, don babin ya yi kauri. Na buga shi a wani shago a bakin kasuwa, na manta ban sa lambar shafi ba.

Daren Lahadi na ajiye takardun a kan tabarma na fita alwala. Kwana biyu ba mu ga wuta ba, sai a daidai wannan lokacin aka kawo ta. Ashe fankar a kunne take. Ina shigowa na tarar da ilimina yana shawagi a falo, ɗaya ma ya leƙa kwanon miya.

Uwargida ta tattaro min. Malamar makaranta ce, kuma ta riga ni yin digiri na biyu, abin da ba na son a riƙa tunawa da shi a gidan nan. Na zauna na karanta tun daga fari har ƙarshe ina gyaɗa kai.

"Kin ji rubutu? Kamar ruwa."

"Baban Ummi, yadda na tsinto su daga ƙasa fa na miƙa maka. Ban jera ba."

Na yi shiru. Na nemi in maido su yadda suke, na kasa. Ni da na rubuta! Duk wanda na ɗora a kan wani sai ya zauna daram, ba ya neman na gabansa, ba ya kewar na bayansa.

Ta zare shafi uku ta zauna a kai, ta ce in sake karantawa in faɗa mata inda magana ta karye. Babu inda ta karye. Sannan ta karɓi jan biro ta zagaye kalmar farko ta kowane shafi: suna, shekara, "ya ce". Suna, shekara, "ya bayyana". Ta nemi "amma", ko "sai dai", ko "saboda haka" da zai haɗa wani marubuci da wani, ba ta samu ko ɗaya ba. Ta ce wannan aikin maroƙi ne a gidan biki, wane ya iso, wane ma ya iso, kowa a yi masa kirari ya wuce.

Na ce ai manyan duk suna ciki. Ga Abner Cohen, 1969, ga Paul Lovejoy, 1980.

"Suna ciki. Sun gaisa?"

Ba su gaisa ba, shafi tara ne ma a tsakaninsu. Ta sa na ajiye su gefe da gefe, ta ce in faɗa da baki me kowa yake nufi, ban da karantawa. Cohen ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan, ya ga sun riƙe Hausancinsu gam saboda shi ne jarinsu. Cinikin goro da shanu na bashi ne da amana, maigida ke saukar da fatake ya tsaya musu, bare kuwa ba ya samun ƙofa. Lovejoy ya koma baya ga fataken da ke zuwa Gwanja, ya nuna manyansu, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, asalinsu ba Hausawa ba ne, zama da fatauci ne suka mai da su.

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Ɗaya ya nuna Hausanci katanga ce da ke tsare kasuwa, ɗaya ya nuna katangar tana da ƙofa. To a Agege ta yau, da kuɗi ke tafiya ta waya kafin mota ta bar Shagamu, me ya rage wa maigida ya tsare, kuma wa ake bari ya shigo? Tambayar da ya kamata babin ya kai mai karatu gare ta ke nan, ni kuwa wata uku ina ɗaukar sunayen mahalarta.

Na sake rubutu. Yanzu kowane sakin layi da magana yake farawa, marubutan su biyo baya a matsayin shaidu, wani lokaci uku a jimla ɗaya. Waɗanda ba su da abin cewa a kan tambayar na sallame su, har da wani da na sha wahalar cunkoson Oshodi kafin na samo littafinsa. Wannan ya yi min ciwo. Babi ya dawo shafi 11.

Jiya na yamutsa shafukan da kaina na miƙa mata. Kafin shayi ya huce ta jera su daidai, in ban da na bakwai, wanda ta ce har yanzu ɗan haya ne, ko'ina aka kai shi zai kwana.

Tsofaffin 22 ɗin kuwa Ummi ta kai wa mai ƙosan layinmu. Da safe aka naɗo min na ɗari biyar a cikin Cohen.