Ku daina nuna wa yara gudun haske a kalkuleta kawai

Daren Juma'a a fadarmu ta Zango, ɗan ƙanwata da ke ajin farko a jami'a ya zo da kayensa yana murna. Ya ce, "Kawu, na fitar da gudun haske!" Ya danna lambar maganaɗisu ta sarari, μ₀ = 4π×10⁻⁷, ya ninka da lambar lantarki ta sarari, ε₀ = 8,854×10⁻¹², ya ɗauki rasin kare, ya juya, sai ga 2,998×10⁸. Na ce masa madalla, to ita ε₀ ɗin daga ina ta fito? Ya ce daga bayan littafi. Na ce shi kuma mai littafin fa? Ya yi shiru, shayinsa na hucewa.

Shekaruna da dama ina koyar da fizik da yamma a nan Damagaram, kuma abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun 1983 aka yanke wa gudun haske adadinsa, mita 299 792 458 a daƙiƙa, ita mita ma daga gare shi ake fitar da ita. Lambar ε₀ da ke bayan littafi kuwa daga wannan gudun, wato c, aka lissafo ta. Ke nan yaron da ya danna kalkuleta ya ɗebo ruwa ne daga randa ya mayar cikin randa. Ni a ganina mushen da ya tsaya nan ya hana ɗalibinsa naman, ya ba shi romo.

Naman yana cikin layi biyu. Ka ɗauki sarari fayau, ba iska, ba caji, ba waya mai ɗauke da wuta. Ka sa filin lantarki E ya kalli gefen y, filin maganaɗisu B ya kalli gefen z, dukansu kuma su dogara da x da lokaci t kaɗai. Ƙa'idar Faraday ta ce canjin B cikin lokaci yana tafiya tare da bambancin E daga wuri zuwa wuri:

∂E/∂x = −∂B/∂t

Ta Ampère kuma, da ƙarin da Maxwell ya yi mata, ta faɗi irin wannan ta ɗaya ɓangaren:

−∂B/∂x = μ₀ε₀ ∂E/∂t

Yanzu ka yi wa layin farko deribe a kan x. Hagu ya zama ∂²E/∂x². A dama za ka ga deribe biyu a kan B, ɗaya na x ɗaya na t, kuma kana da izinin sauya musu jeri. Da ka sauya, −∂B/∂x ta bayyana a ciki, wadda layi na biyu ya riga ya gaya maka ko mece ce. Ka zuba ta a wurin, B ta fita daga maganar gaba ɗaya:

∂²E/∂x² = μ₀ε₀ ∂²E/∂t²

Wannan shi ne lissafin taguwa, irin wanda ke bayanin tudun da ke gudu a kan igiyar guga idan ka girgiza bakinta. Don ka tabbata, gwada E = f(x − vt), wato kowace siffa da ke tafiya gaba da gudun v ba ta canja kama ba. Deribe biyu a kan x ya ba da f″, biyu a kan t ya ba da v²f″. Ka soke f″ hagu da dama, ya rage 1 = μ₀ε₀v², ma'ana

v = 1/√(μ₀ε₀)

Ku duba da kyau, har muka iso nan ba a ambaci haske ko sau ɗaya ba. Maganar caji da maganaɗisu kaɗai muke yi.

Masu son doguwar hanya suna bi ta ∇×(∇×E) = ∇(∇·E) − ∇²E, su jefar da ∇·E domin ba caji a wurin. Daidai ne, kuma ita za a tambaye su a jarrabawa. Amma ba na fara wa yaro da ita, don alamomin suna rufe masa ido ya kasa ganin inda abin ya haɗu.

Inda abin ya haɗu kuwa shi ne μ₀ε₀ ∂E/∂t. Na sa ɗan ƙanwata ya rufe wannan guntun da babban yatsansa ya sake lissafin. Sai ∂B/∂x ta zama sifiri, ∂²E/∂x² ma ta zama sifiri, E ta koma miƙaƙƙen layi, babu abin da ke tafiya ko'ina. Ya ɗaga yatsan ya sake kallo, ya ce, "Kawu, ashe duk hasken a ƙarƙashin yatsana yake." Shi Maxwell ya ƙara guntun nan ne a aikinsa na 1861 zuwa 1862, kuma akwai hujja mai sauƙi da ke nuna dole ya kasance: lokacin da kondansater ke shan caji, ba wutar da ke ƙetare ratar da ke tsakanin farantansa biyu, amma akwai filin maganaɗisu kewaye da ratar. Abin da ke canjawa a wurin E ce kaɗai.

Kuskure biyu nake yawan gani a kayen yara. Na farko a zubar da alamar ragi ɗaya a hanya. Za ka gane shi nan take, domin v² zai fito ƙasa da sifiri, amsar kuma maimakon ta yi ta kai da komowa sai ta yi ta kumbura ba iyaka. Na biyu a manta rasin kare, a samu wajen 9×10¹⁶. Wanda ya bi ma'auninsa zai ga mita sau mita bisa daƙiƙa sau daƙiƙa ne ya fito, wannan kuwa ba gudu ba ne.

To me ya sa Maxwell ya yarda haske ne? Domin lambarsa ba daga haske ta zo ba. A 1856 Weber da Kohlrausch sun cika tulun Leyden, wani irin kondansater, da caji, suka auna cajin ta ƙarfin tunkuɗar da yake yi, suka sake auna shi ta yadda ya kaɗa allurar maganaɗisu da suka sake shi cikin waya. Rabon awon biyu ya ba da wajen kilomita 310 740 a daƙiƙa. Shi kuma Fizeau tun 1849 ya auna hasken kansa da ƙafa mai haƙora da madubi, ya samu abin da ya ɗan haura kilomita 310 000. Awo biyu da ba su san juna ba suka zo kusa da kusa haka. Sai wajen 1887 zuwa 1888 Hertz ya tayar da irin wannan taguwa da tartsatsin wuta, ya kama ta a ɗaya gefen ɗakin gwajinsa.

Shi ya sa nake cewa a bar yaro ya auna ε₀ da hannunsa, ko da awon zai yi karkata. Washegari muka samo gilas biyu, muka manna wa kowanne takardar alminiyam mai santimita 20 kowane gefe, muka sa ƴan guntaye masu kaurin milimita 1 a kusurwoyi huɗu don iska ta zauna tsakani. Wani mai gyaran rediyo a kasuwa ya ara mana miltimetarsa mai awon kondansater. Ƙa'idar ita ce C = ε₀A/d, da faɗin takarda A = 0,04 m² da rata d = 0,001 m, don haka littafi na jiran wajen 354 pF. Mu 390 muka karanta. Daga nan ε₀ ta fito 9,75×10⁻¹², muka haɗa ta da μ₀ (ita dai ta littafi muka ɗauka), gudun ya zo 2,86×10⁸.

Mun kauce da kusan kashi 5 cikin 100, kuma mun san dalili. Takardar ta ɗan taso a tsakiya ta rage ratar, wayoyin miltimeta ma suna da nasu ɗan ƙarin. Awon C ya kauce da kashi 10, amma rasin kare ya raba kuskuren biyu. Yaron ya rubuta 2,86 a ƙasan 2,998 ɗinsa ta daren jiya, ya ce mako mai zuwa zai zo da gilas mai kauri da gam mai kyau mu sake.