Ku rage wa karusel kaya tun kafin a wallafa

Ƙannenmu masu haɗa sanarwa a Canva, daga Tawa har Yamai, ku yi haƙuri da wannan magana. Yawancin karusel ɗin da kuke turowa a duba, wato jerin hotunan da ake gogawa ɗaya bayan ɗaya a Instagram, ba launi ne ciwonsu ba, lodi ne. Shafin Instagram na tsaye pixel 1080 ne a 1350, amma a hannun mai karatu faɗinsa bai wuce santimita 7 ba, kuma sau da yawa a tsakar rana yake kallo, gilashin wayar ma ya tsage. In ka ga sai ka ƙanƙance haruffa ƙasa da 32 kafin maganar ta shiga, to maganar ce ta yi yawa.

Mu ɗauki sanarwar koyon ɗinki da wata ƙungiyar matasa za ta fitar. Shafin farko ya fara da sallama, sai cikakken sunan ƙungiya, sai "muna farin cikin sanar da ɗaukacin al'umma cewa", sai tambarin masu tallafi uku, can ƙasa kuma maganar ɗinkin ta raɓe. Wannan layin na farin ciki a yanke shi. Yadda ake gane na yankewa: rufe layin da yatsa, ka sake karantawa. In ba abin da mai karatu ya rasa, ba ya da aiki. Sallama kuwa ba a zubar da ita, a kai ta rubutun ƙasan hoto. Abin da zai rage a shafin farko: "Koyon ɗinki na wata 3 a Tawa, an buɗe rajista". Tambarin masu tallafi su koma shafin ƙarshe.

Shafi na biyu na da layi huɗu: horon na wata uku ne, ana yi daga Litinin zuwa Alhamis, da safe ake yi, ana farawa ƙarfe 8 a tashi ƙarfe 12. Duk amsar tambaya ɗaya ce, wato yaushe, saboda haka a haɗe su: "Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 8 zuwa 12 na rana". Wata ukun an riga an faɗa, "da safe" kuma ƙarfe 8 ya ɗauke shi.

Sai dai a nan ne da yawanku kuke zarcewa. An ce ku haɗe, sai ku kama kuɗin rajista 2.000 da kuɗin wata 5.000 ku rubuta "jikka 7". Uwar da ta karanta za ta zo da jikka bakwai tana zaton ta biya duka, alhali horon zai ci 17.000. Ranar da aka nemi kuɗin wata na biyu, ku ne maƙaryata a idonta. Layi biyu da ke amsa tambaya daban-daban ba a haɗa su, ko da shafin ya yi tsawo. Gara ka buɗe wa kuɗi shafinsa. Instagram na karɓar har shafi 20, wuri bai ƙare ba. Haƙurin mai goga yatsa ne yake ƙarewa, shi ya sa biyar ko shida sun ishi irin wannan sanarwa.

Maganar abin da za a tura ƙasan hoto ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Wurin yana ɗaukar harafi 2.200, amma farkonsa kaɗai ake gani sai an danna "plus", kuma ba kowa ke dannawa ba. Abin da ya fi wannan: a nan garuruwanmu sanarwa a WhatsApp take yawo. Wani zai ɗauki hoton allo ya jefa a rukunin ƴan fada ko na dangi, rubutun ƙasa kuma ya tsaya a Instagram. Don haka ka tambayi kanka: in hoton nan ya tafi shi kaɗai, mutum zai iya zuwa? Ranar farawa, unguwa, kuɗi da lambar waya dole su zauna a kan hoto, kuma gara a maimaita su wuri ɗaya a shafin ƙarshe, lambar a rarrabe bibbiyu don a iya kwafa. Tarihin ƙungiya, godiya ga iyayen ƙasa da masu tallafi, da bayanin irin kekunan da za a koya a kai, su ne na ƙasan hoto. Takardun da za a kawo kuwa, in rashinsu zai sa a maida mutum gida, a bar su a shafi. Kada ka dogara da adireshin intanet a rubutun ƙasa, a Instagram ba ya dannuwa.

Bayan gyara, tura hotunan ga wayarka ta WhatsApp, domin yana matse hoto, siraran haruffa su dushe. Duba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, wasu salon rubutu ba su da su, sai su fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma. Sannan miƙa wa wanda bai san zancen ba, ka ce ya faɗa maka yaushe, ina, nawa. Wanda ya kasa amsawa a ciki, koma shafinsa ka ga me ya danne shi.